Ƙarin albashi: kashi 18 ko kashi 12?

Ga tambaya irin wadda ɗaliban akanta ke cin karo da ita. An ƙara wa wani ma'aikaci a Zariya albashin shekara daga naira 3,200,000 zuwa 3,700,000. Ana cire masa 200,000 kafin a sa haraji. A dokar harajin Najeriya da ta fara aiki a 2026, naira 800,000 na farko ba haraji, 2,200,000 na gaba kashi 15 cikin ɗari, 9,000,000 da suka biyo baya kashi 18. Harajin nawa ƙarin zai jawo masa?

Hanya ta farko ita ce kason matakin ƙarshe. Kuɗin da ake sa wa haraji ya tashi daga 3,000,000 zuwa 3,500,000, wato ƙarin 500,000 ɗin duk ya faɗa matakin kashi 18. Harajinsa 90,000 ne, saura 410,000 a aljihu, jimillar haraji kuma ta tashi daga 330,000 zuwa 420,000.

Hanya ta biyu ita ce matsakaicin kaso: a raba 420,000 da 3,500,000, a sami kashi 12. In an raba da albashin gaba ɗaya, 3,700,000, sai a sami kashi 11.4, ainihin nauyin harajin ke nan. Waɗannan biyun suna nuna yawan abin da mutum ke biya gaba ɗaya, amma ba su amsa tambayar ba. Wanda ya ɗora kashi 12 a kan ƙarin zai sami 60,000, wato ya gaza ainihin harajin da 30,000.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗora kashi 18 a kan 3,500,000 ɗungurungum. Sai a ga 630,000, har mutum ya ji tsoron karɓar ƙarin.