Mai gyaran rubutun da ya ƙi saka mini "don haka"

Rahotonmu na shekara shafi 42 ne, kan cinikin wake da riɗi, kuma da Turancin Ingilishi muka rubuta shi don abokan hulɗarmu na Kano ne za su karanta. Mu ƴan Damagaram da Faransanci muka yi lakwal, inda ake iya jera cikakkun jimloli biyu da waƙafi kawai ba wanda zai ɗaga ido. A rubutun ofis na Ingilishi kuwa kuskure ake ɗaukar wannan. Shi ya sa muka kai aikin wurin wani malami mai gyaran rubutu a unguwar Zango, ya caje mu jikka ɗaya kowane shafi.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa komai a ɓoye ba. Ya kunna Suivi des modifications a Word, duk abin da ya cire ko ya ƙara yana nan da launi, ni ke da ikon karɓa ko ƙi. Yadda yake gane matsalar ma ba wuya: ya rufe waƙafin da yatsa, ya karanta gefen dama daban, gefen hagu daban. In kowanne ya tsaya da ƙafarsa a matsayin jimla, to waƙafi shi kaɗai ba ya riƙe su. Sai a sa aya, ko waƙafi mai ruwa, ko a ƙara kalmar haɗi, ko a mayar da ɗaya ya dogara ga ɗayan.

Gano kuskuren ba shi ne aikin ba, zaɓen maganin ne. Ga wata jimla daga shafi na 17, na juyo ta da Hausa: "Farashin wake ya tashi a watan Yuni, mun rage saye daga Matamaye." Mai gaggawa zai ƙara "don haka" a tsakiya ya wuce, jimla ta yi sumul. Amma da zarar an sa "don haka", an ce tsada ce ta sa muka ja baya. Gaskiyar magana kuwa, sito ne ya cika, ba mu da wurin zubawa. Da an bar waccan kalmar, mutanen Kano za su ɗauka jari ne ya gaza mana, alhali rahoton na neman su ƙara odar baɗi ne.

Malam bai ƙara komai ba. Aya ya sa, jimlolin suka rabu, sannan ya rubuta a gefe: "Alhaji, tashin farashin ne dalili, ko dai lokaci ɗaya kawai suka faru?" Da na amsa masa, sai muka ƙara dalilin sito da kanmu. Da na tambaye shi me ya hana shi saka waƙafi mai ruwa, sai ya ce waƙafi mai ruwan ma yana raɗa wa mai karatu cewa akwai dangantaka tsakanin maganganun biyu, shi kuma bai san da ita ba tukuna. Wannan amsar ita kaɗai ta biya ni kuɗina.

Jimlolin da suka manne babu alama ko ɗaya sun fi haɗari. Misali: "Mun sayar da riɗin duka a watan Maris an biya mu rabin kuɗin." Ina za a yanka? In aya ta zo bayan "duka", a Maris aka biya. In ta zo bayan "Maris", a Maris aka sayar, lokacin biya kuma ba a faɗa ba. Malam ya nemi rasit ɗin kafin ya taɓa ta, ashe biyan ne aka yi a Maris, sayarwar tun Fabrairu. Kuma bai bi doguwar jimla da almakashi don tsawonta kawai ba. Akwai wata mai layi biyar kan kuɗin mota zuwa iyaka, ya bar ta yadda take domin ginin ta daidai ne.

Inda ban gamsu ba, taƙaitawar farkon rahoto. Can tsoron canza ma'ana ya sa ya yi ta zuba aya har sakin layin ya koma gutsattsari, mai karatu na tuntuɓe kowane taku. Na ce, "Malam, nan kam a sassauta," muka mayar da "kuma" da "amma" a wuraren da ni na tabbatar da su. Bayanan da ke ƙarƙashin jadawali ma bai duba ba sai da na tuna masa, ga shi kuma aikin ya wuce ranar da ya yi alkawari, duk da dai jiran amsoshina na cikin abin da ya ja shi.

Zan sake kai masa rahoton baɗi. Wanda zai je, ya tafi da rasitai da littafin sito, ya kuma bar wayarsa a kunne, don tambayoyin Malam suna da yawa.