Komawa Aji ko Buɗe Shago: Wanne Ya Fi Ga Mai NCE?

Mace ta yi NCE, ta shekara goma tana raino, yanzu auta ya shiga firamare. A Sakkwato hanya biyu aka fi bi: koyarwa ko ɗinki.

Koyarwa ta fi tafiya da tsarin gida. Tare za ta fita da yara, tare su dawo kafin la'asar, ga hutu sau uku a shekara. Takardarta ba ta tsufa, sai dai aikin ya sauya. Tana buƙatar rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, kuma jarrabawarsu a kwamfuta ake yi. Nan da dama ke tuntuɓe: sun san amsar, amma hannu bai saba da na'urar ba, lokaci ya ƙare suna lalube. Mako uku na gwaji a cibiyar kwamfuta ya wadatar. Makarantun kuɗi sun fi saurin ɗauka, ko da yake albashin ba yabo ba fallasa, wasu ma ba su biyan watan hutu. A tambayi wannan kafin a amshi aikin.

Ɗinki kuwa na son wata shida zuwa shekara ana koyo, da keke, da jari. Kasuwarsa sai gab da sallah da lokacin biki, sannan ta yi sanyi. Bashin dangi da maƙwabta shi ke cinye jarin.

A ganinmu, mai takarda ta fara da aji. Kuɗin wata, komai ƙanƙantarsa, shi zai sayi keken daga baya.