Hattara da masu haɗakar fanka daga Chana a dubu 25

Jama'ar Sakkwato, musamman 'yan kasuwa da matan da ke sana'a a cikin gida, ku yi hattara da wani talla da ke yawo a WhatsApp tun da zafi ya fara. Wani ne ke cewa a haɗa kuɗi ya sauko da fanka mai caji daga Chana, guda 200, kowace a naira 25,000 har cikin gari. Yana tura hoton farashin kamfani, dala 15 kowace, don a ga wai ribar da zai ci ba ta taka kara ta karya ba. Hoton zai iya zama gaskiya. Ƙaryar tana cikin abin da ya ɓoye, domin farashin kamfani ba shi ne kuɗin da kaya ke tsaya wa mutum ba.

Mu yi lissafin tare. Kuɗin jirgi da canji suna hawa da sauka, don haka alƙaluman nan misali ne. Mu ɗauki dala a naira 1,500. Fanka 200 a dala 15 sun kama naira miliyan 4.5, wato 22,500 kowace, kuma har yanzu suna Guangzhou. Fanka kaya ce mai cin wuri, jirgin ruwa kuma girman katan yake aunawa, abin da ake rubutawa CBM. A ce kuɗin jirgi da inshora sun ci dala 1,000. Jimla ta zama naira miliyan 6, dubu 30 kowace fanka. A nan kaɗai 25,000 ɗinsa ta faɗi, alhali kaya ba su ma sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne kuɗin fito. Kwastan ba a kan kuɗin saye kaɗai suke yanka shi ba, a kan wannan miliyan 6 ɗin ne, wato kaya da jirgi da inshora a haɗe, wanda takardu ke kira CIF. Idan lambar kayan ta faɗa ajin kashi 20 cikin ɗari, fito ya zama miliyan 1.2. A kan fiton akwai ƙarin kashi 7, wato 84,000, sai rabin kashi ɗaya na ECOWAS, 30,000. Sannan VAT na kashi 7.5 ya hau kan dukkan waɗannan a dunƙule, kusan 550,000. Ban ma sa cajin da kwastan ke ɗorawa a kan kuɗin saye ba.

Saura kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, ladan ejan mai fito da kaya, da motar da za ta ɗauko su daga Legas zuwa Sakkwato. A ce miliyan ɗaya duka, in ba a yi jinkirin da zai jawo tarar kwana a tasha ba. An tashi kusan miliyan 8.9. Raba da 200, kowace fanka ta haura 44,000. Idan goma suka iso a fashe ko batirinsu ya mutu, da 190 za ka raba, ta wuce 46,000.

To wa zai cike giɓin kusan dubu 20 a kan kowace fanka? Ku ne. Haka irin wannan damfara take tafiya: bayan wata biyu a ce kaya sun iso amma kwastan sun riƙe, kowa ya ƙara dubu goma. Bayan mako biyu a ce tarar tasha ta hau. Wanda ya riga ya zuba kuɗinsa ba ya son su salwanta, sai ya ƙara. Daga nan waya ta daina shiga. Abin da ya fi ci mini rai, yawancin masu shiga mata ne da kuɗin adashi.

Akwai masu haɗa kaya na gaskiya, kuma ba a ɓoye suke ba. Suna faɗa maka kuɗin kowace CBM tun farko, su bayyana ko fito da ladan ejan suna ciki, da inda za ka karɓa, Legas ko Kano ko nan gida. Kafin ka tura ko sisi, ka ce: "Alhaji, katan nawa ne, CBM nawa, kuma kashi nawa ne fitonsu?" Mai sana'ar zai amsa maka nan take. Idan an ce kaya suna kan ruwa, ka nemi lambar kwantena ka duba ta a shafin kamfanin jirgin. Idan an ce kwastan sun riƙe, ka nemi takardar PAAR, wato rahoton tantance kaya da kwastan ke bayarwa, da ta kuɗin da aka yanka, mai ɗauke da sunan wanda ya shigo da kayan. Hoton kwantena a tasha ba hujja ba ne, kowa na iya samo shi.