Kalandar farashi ta Google Flights ko ta shafin kamfanin jirgi?

Masu shirin tafiya Kano zuwa Alƙahira sun sha tambayata inda za su duba ranar da tikiti ya fi araha.

A Google Flights, shafin Google na binciken tikitin jirgi, da ka taɓa gurbin kwanan wata, kalanda za ta buɗe da farashi a ƙarƙashin kowace rana, masu rahusa da koren rubutu. Akwai kuma Date grid, mai haɗa ranar tafiya da ta dawowa. Nan ƙarfinta yake, domin tana tattaro kamfanoni da dama wuri guda. Sai dai wannan koren farashi yakan yaudari mutum: wata sa'a jirgi ne mai yada zango a Adis Ababa, ka kwana a hanya, ko tikitin da kuɗin akwati bai shiga ciki ba. Kafin ka yi murna, shiga Stops ka zaɓi Nonstop only, wato jirgin da ba ya tsayawa a hanya, ka ga ko ranar tana nan da arahar tata. Farashin ma yakan motsa idan ka danna.

Kalandar kamfani, kamar ta EgyptAir, jiragen da kamfanin ke sayar wa tikiti kawai take nunawa, galibi 'yan kwanaki gaba da baya. Amma abin da ka gani ya fi kusa da abin da za ka biya, kuma in canjin rana ya taso, da kamfanin za ka yi magana kai tsaye.

Ɗalibin da hutunsa ke da faɗi, Google Flights ta fi masa. Mai zuwa ganin likita a tsayayyen mako, da kaya niƙi-niƙi, kalandar kamfani ta ishe shi.