Iyakar sake oda: lamba tsayayya ko lissafi?

Hanya ta farko: ka rubuta lamba guda, misali 50, idan kaya ya sauka ƙasa da ita ka sake oda. Tana da sauƙi, amma ciniki na ƙaruwa sai ta yaudare ka.

Ta biyu ita na fi so: ka bar manhajar lissafi irin su Excel ta fitar da lambar. B2, C2 da D2 sunayen gidajen da za ka rubuta alƙaluma a ciki ne. Kana sayar da sabulu 12 kullum (B2), dila yana ɗaukar kwana 5 kafin ya kawo kaya (C2), ajiyar ko-ta-kwana 24 ce (D2), wato cinikin kwana biyu idan mota ta makara:

```
=B2*C2+D2
```

Iyakar ta zama 84. Da 50 ka dogara, da sabulun ya ƙare a rana ta biyar, kaya bai iso ba. Sai dai lissafin yana buƙatar ka riƙa sabunta B2, in ba haka ba shi ma ya tsufa.