Waya a matsayin makirfo: Bluetooth ko Wi-Fi?

"'Yan uwa, muna da lacca a ƙaramin zaure, tsawonsa kamar mita 15, mutane kusan 60. Muna da lasifika mai Bluetooth amma babu makirfo. Na ji ana iya yi da waya ta Bluetooth ko ta Wi-Fi. Wanne ya fi?"

Malam, abin da zai raba maka gardama shi ne jinkirin da ke tsakanin fitar magana daga baki da fitowarta daga lasifika. Tsabtar sauti tana zuwa ne a bayansa.

Bluetooth ta fi sauƙin haɗawa. Ka sauke manhajar makirfo, ka haɗa wayar da lasifikar, shi ke nan. Sai dai an tsara hanyar da take aika sauti ne don sauraron kiɗa, inda ba wanda ya damu ko sautin ya makara. Wayar tana matse sautin, ta tara shi, sannan ta aika, ita ma lasifikar ta tara kafin ta saki. Wannan yakan ci milisakan 150 zuwa 300. Mu ɗauki 200. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya, don haka tamkar ka ajiye lasifikar ne mita 68 daga mai magana. Mutum yakan furta gaɓa huɗu zuwa biyar a sakan, ke nan lasifikar tana bayansa da gaɓa guda cur. A irin zauren naku, na sahun gaba za su ji muryarsa ta asali, su sake jin ta daga lasifika kamar amsa-kuwwa, domin kunne yakan fara rarrabe sautuka biyu da zarar tazararsu ta wuce milisakan 50. Mai laccar ne zai fi shan wuya. Jin muryarka a makare da kusan wannan tazara yana sa mai lafiyayyen harshe ya riƙa jan kalmomi yana in'ina. Sannan ga nisa: yawancin waɗannan na'urori ba su wuce mita 10 ba, kuma jikin mutane yana tare siginar, sai ka ga abin da ya yi kyau a zaure fayau ya fara yankewa bayan an cika.

Hanyar Wi-Fi tana buƙatar kwamfuta a tsakiya. Da manhaja irin WO Mic, ana saka ɓangare ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta, a rubuta adireshin IP na wayar a kwamfutar. A Windows sai a kunna "Listen to this device" don sautin ya fito, a ja kebul daga kwamfutar zuwa ramin AUX na lasifika. Kebul fa, domin in aka haɗa su ta Bluetooth an koma gidan jiya. Jinkirinta yakan yi ƙasa da na Bluetooth, nisanta ma ya fi, amma ba ta da tabbas: in mahalarta suka hau wannan Wi-Fi ɗin, sautin zai riƙa tsinkewa. Ku keɓe mata nata, kuma ku zaɓi 5 GHz in akwai.

Auna jinkirin ba wuya. Ka kunna ɗaukar murya a wata wayar, ka tafa hannu sau ɗaya kusa da wayar makirfon, ka buɗe abin da ka ɗauka a manhajar gyaran sauti ta Audacity. Za ka ga tsini biyu, na tafin da na fitowarsa daga lasifika, tazararsu ita ce jinkirinka. In ta haura milisakan 100, ban ba ka shawarar yin lacca da shi ba.

Kukan lasifika kuwa duka hanyoyin biyu suna fama da shi, saboda makirfon waya yana kama sauti daga kowace fuska, har da na lasifikar. Ka ajiye lasifikar a gaban mai magana tana kallon jama'a, shi kuma ya riƙe gindin wayar kusa da bakinsa. Duk lokacin da ya rage tazarar da rabi, muryarsa tana ƙaruwa da desibel 6 ba tare da an taɓa lasifikar ba. A kuma sa wayar a Airplane mode, sannan a sake kunna Bluetooth ko Wi-Fi, kada kira ya shigo kowa ya ji.

A ganina, in akwai kwamfuta ku bi Wi-Fi, ku gwada kafin ranar. In babu, kuma mai laccar zai tsaya wuri ɗaya, ku ja kebul daga wayar kai tsaye zuwa AUX, ya fi Bluetooth nesa ba kusa ba. Idan kuma laccar kowane mako ce, ku nemi makirfo mara kebul na ainihi mai aiki da UHF, wanda jinkirinsa bai wuce 'yan milisakan kaɗan ba.