Gargaɗi ga masu shaguna a Zariya: dillalin manhaja da ke buɗe muku asusu da imel ɗinsa

Jama'a, abin da ya same ni ne ya sa na rubuta wannan, don na ji akwai masu shaguna a PZ da Samaru da ke hannun irin waɗannan mutane.

Ina sayar da kayan gini a Sabon Gari. Bara wani matashi ya zo ya tallata mini manhajar lissafin kaya da ciniki, lasisin shekara ɗaya a kan naira dubu 85. Shi ya ɗora ta a kwamfutar shago, shi ya buɗe asusun, ni dai na miƙa katina aka biya. Abin da ban lura da shi ba, da imel ɗinsa ya yi rajistar. Wato a wurin kamfanin shi ne mai asusu, ni kuwa kamar yaron shago aka saka ni.

Da shekara ta kusa cika na kira shi na ce ba zan sabunta ba. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, an gama." Bayan sati uku sai ga alat, an cire naira dubu 210. Ashe dubu 85 ɗin rangwamen shekarar farko ne. Kamfanin ya aiko da sanarwar sabon farashi, amma ta shiga akwatinsa ne, ya yi gum. Da na matsa masa sai ya ce in kawo dubu 30 "kuɗin sokewa". Nan na gane da wanda nake hulɗa.

Gane wannan tarko ba wuya. Ka buɗe manhajar ka nemi shafin Billing ko Subscription. Idan ba ka gan shi ba, ko aka ce sai Admin, to asusun ba naka ba ne. Haka kuma idan rasit bai taɓa zuwa imel ɗinka daga kamfanin ba, sai hoton da dillali ke turowa ta WhatsApp. Tun yau ka sa shi ya mayar da mallakar zuwa imel ɗinka, a gabanka, ka sauya kalmar sirri. In ya fara kame-kame, ka rubuta wa kamfanin kai tsaye, ka haɗa da takardar banki da ke nuna daga katinka kuɗin ya fita.

Sai sokewar kanta, inda da yawanmu ke tuntuɓe. Goge manhaja daga kwamfuta ba sokewa ba ne. Faɗa wa dillali da baki ma ba sokewa ba ne. Abin da ake kashewa shi ne Auto-renew, wasu kuma su kira shi Recurring billing. Kafin ka kashe, za ka ga Renews on da kwanan wata. In ya kasu da gaske, rubutun zai koma Expires on ko makamancinsa, ka ci gaba da aiki har ranar da kuɗinka ya ƙare. Ka ɗauki hoton shafin, ka adana imel ɗin tabbatarwa. Kada ka jira satin ƙarshe, domin wasu yarjejeniyoyin na neman sanarwar kwana 30 ko fiye kafin ranar sabuntawa. Ni yanzu tun saura wata biyu nake kashewa.

Ka kuma duba ko tsarin naka na shekara ne da ake biya wata-wata. A irin wannan, danna Cancel a tsakiyar shekara na iya jawo tara, alhali kashe sabuntawa kawai ba ya jawo komai. Kuma kafin lasisin ya mutu, ka sauke bayananka ta Export, musamman jerin masu bashi. Wallahi wannan ya fi tsaya mini a rai, don bashin magina na shekara guda yana ciki, kuma da shi yaron ya so ya riƙe mini wuya.

Wani zai ce a toshe kati kawai a huta. Toshewa na hana cirar kuɗi, amma ba ta warware yarjejeniya, ana iya ci gaba da rubuta maka bashi a kuma kulle bayananka. A soke tukuna, sannan a cire katin daga asusun.

In an riga an cire, ka rubuta wa kamfanin a ranar ka nemi ya mayar da kuɗin, don lokacin mayarwa kan zama gajere. Ka kai ƙorafi bankinka ka karɓi lambar ƙorafi. In sati biyu suka wuce ba a warware ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, akwai kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Ni na yi kwana tara ina bin dillali a waya kafin na rubuta wa kamfanin, suka ce lokacin mayarwa ya wuce. Asusun dai ya dawo sunana, kuma na kashe sabuntawar a ranar da hannuna.